Yadda Ake Gane Ƙasar da Aka Ɗauki Hoto Daga Taransifoma, Waya da Akwatin Mita

A ce an miƙo maka hoton wani titi. Babu allo, babu rubutu, lambar mota ta dushe, ba kowa a kan hanya. Gidaje ne kawai da bishiyoyi, sai falwaya ɗaya a gefe. Da yawa daga masu GeoGuessr, wasan gano wuri a taswira daga hoton titi, da masu tantance hotunan labarai sukan tsallake falwayar nan su tafi neman rubutu, alhali ita ce shaidar da ba ta iya ƙarya ba. Mai gida yana iya kwaikwayon ginin wata ƙasa, mota kuma ana shigo da ita daga ko'ina, amma kamfanin wuta ba ya sauya tsarinsa don ado. Abin da injiniyoyinsa suka zaɓa tun zamanin kakanni shi ke rataye a can har yau, domin sauya shi yana nufin taɓa kowane turke da kowane gida a ƙasar.

Ni tsarin da nake bi ɗaya ne, kuma ba na sauya jerinsa: taransifoma tukuna, sannan wayoyi, sannan jikin falwayar, daga ƙarshe akwatin mita. Na farkon yana raba duniya gida biyu, na ƙarshen yana iya kai ka ƙasa ɗaya. Wanda ya fara da mita kafin ya san gidan da yake ciki, sau da yawa yakan ɓata.

Mataki na farko: tulu ne ko akwati?

Ka ɗaga ido sama ka nemi taransifoma. Idan ka ga abu zagayayye mai launin toka, kamar ƙaramar ganga ko kwandon shara mai murfi, an maƙala shi a jikin falwaya ɗaya, da ƙaho ɗaya ko biyu a kansa, wannan shi nake kira tulu. Idan kuma ka ga abu mai kusurwa huɗu, da haƙarƙarin sanyaya mai a gefensa, da ƙahoni uku dogaye a jere a samansa, wannan akwati ne.

Bambancin ba na kwalliya ba ne, kuma in ka fahimci dalilinsa ba ka buƙatar haddace komai. A Amurka da Kanada wutar da ke shiga soket 120V ce, a Turai 230V. Ɗauki na'urar da ke cin wat 2,400. A kan 120V za ta ja amfiya 20, a kan 240V, wato kusa da na Turai, amfiya 10 kacal. Asarar da ake yi a cikin waya tana tafiya ne da amfiya sau amfiya: 20 sau 20 ya ba da 400, 10 sau 10 ya ba da 100. Ke nan waya iri ɗaya tana ɓarnar ninki huɗu idan ƙarfin wutar rabi ne. Shi ya sa ƙaramin layin Amurka ba ya iya yin nisa. Dole a kawo babban layi, wanda galibi 7,200V ne tsakaninsa da ƙasa, har kusa da ƙofar gida, a rataya ƙaramin tulu na 25 ko 50 kVA da zai ciyar da gidaje 'yan kaɗan, wani lokaci gida ɗaya tak. Tsarin Turai kuwa yana iya jan ƙaramin layi mai fes uku, 400V tsakanin fes da fes, ya bi unguwa lungu-lungu. Taransifoma ɗaya babba, mai ɗaruruwan kVA, ta ishi gidaje masu yawa.

Saboda haka abin da za ka ƙirga ba siffa kaɗai ba ce, har da yawa. Ka bi titin, in hoton Street View ne na Google da ake iya tafiya a cikinsa, ka duba falwaya goma a jere. In ka samu tulu a kan uku ko huɗu daga cikinsu, kana cikin gidan Amurka. In ka wuce goman ba ka ga taransifoma ko ɗaya ba, amma duk gidajen suna da waya, kana cikin gidan Turai, kuma taransifomar tana can a kusurwar unguwa ko cikin wani ɗan ɗaki.

Gidan tulu ya ƙunshi Amurka, Kanada, Meziko, ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, Kolombiya, Ekwado, Jamhuriyar Dominika, sannan a Asiya akwai Filifin, Taiwan, Koriya ta Kudu da Japan. Filifin darasi ce mai kyau: wutar soket ɗinta 230V ce, amma turakunta cike suke da tulu, gadon shekarun da Amurka ta mulke ta. Ke nan siffar tana faɗin wanda ya koyar da injiniyoyin ƙasa, ba lissafin wuta kaɗai ba. In ka ga tulu uku sun kewaye falwaya ɗaya, an haɗa su ne don a ba shago ko masana'anta fes uku. A Japan kuma sau da yawa biyu za ka gani, wani lokaci ɗaya ya fi ɗaya girma.

Gidan akwati ya fi faɗi: Turai, yawancin Afirka, Indiya da maƙwabtanta, Rasha da tsoffin ƙasashen Tarayyar Sobiyet, Tailan, Indonesiya a mafi yawan sassanta, Ajantina da Chile. A nan abin dubawa shi ne mazauninta. A Indiya takan zauna a kan dandamali tsakanin falwaya biyu. A karkarar Faransa an fi rataya ta a jikin falwayar kankare guda ɗaya, kuma irin waɗannan ba sa wuce 160 kVA. A ƙauyukan Rasha da Yukren za ka ga kabad na ƙarfe a kan ƙafafun kankare, wayoyi uku na 10kV suna sauka a kansa. A Jamus, Ostiriya, Polan da Cek kuwa akwai tsofaffin hasumiyoyi na bulo, siriri dogo kamar ɗakin tsaro marar taga, wayoyi suna shiga ta can sama. Taransifomar tana ciki, ba ka ganinta. Duk wanda ya ga hasumiyar nan sau ɗaya ba ya sake manta ta.

Ga inda ake faɗuwa. Tulu a cikin daji ba hujja ba ce. Birtaniya, Ireland, Ostareliya da Brazil duk suna rataya ƙananan taransifomomi masu fes ɗaya don gona ko gida guda da ke nesa, kuma wasunsu zagayayyu ne. Tulu a cikin gari, a kan turke bayan turke, ita ce hujja.

Mataki na biyu: ka ƙirga wayoyin daga sama zuwa ƙasa

Jerin kaya a kan falwaya kusan ɗaya ne a ko'ina. Babban layi a can ƙoli, a kan manyan tangaran. Ƙaramin layi, wanda ke shiga gidaje, a ƙarƙashinsa. Wayoyin tarho da intanet su ne na ƙasa. Wannan tarin baƙaƙen wayoyi da suka cukurkuɗe kamar saƙar gizo a Bankok ko Manila, mafi yawansu ba na wuta ba ne, na sadarwa ne, har da naɗin da aka bari don gyaran gaba. Sabon shiga yakan ga cukurkuɗar ya yanke hukunci, alhali ana samunta a nahiyoyi uku. Ka kawar da ido daga kanta, ka dubi abin da ke samanta.

A karkarar Amurka da Kanada abin da aka fi gani shi ne waya ɗaya a ƙolin turken katako, wata kuma a ƙasa da ita kaɗan, a gefen turken. Ta sama ita ce mai wuta, ta ƙasa nutural ce. Daga tulu zuwa gida kuma igiya ɗaya ce da aka murɗa daga wayoyi uku, biyu baƙaƙe masu rufi, ɗaya tsirara mai ƙyalli. A gidan Turai babban layi yakan zo waya uku ba nutural, ko a jere a kan sandar gicciye, ko a siffar murhu, ɗaya a sama biyu a ƙasa.

Ƙaramin layi ne ya fi ba da labari. Tsohon salo shi ne wayoyi huɗu tsirara, fes uku da nutural, wani lokaci da ta biyar ta fitilar titi. Abin lura shi ne yadda aka jera su. A Brazil a tsaye suke, ɗaya bisa ɗaya a jikin turken, kamar layukan littafi. A wasu ƙasashen a kwance suke a kan sanda. Sabon salo kuwa kebul ɗaya ne baƙi mai kauri, murɗaɗɗe kamar igiyar rijiya. Shi kaɗai ba ya faɗin ƙasa, domin ya yaɗu ko'ina. Amma in ka ga an bi da shi jikin bangon gidaje, a ƙarƙashin bakin rufi, daga gida zuwa gida ba turke, ka tuna da tsofaffin garuruwan Faransa, Sifen, Fotugal da Italiya. In kuma wayoyin suna tsallakawa daga rufi zuwa rufi a kan gajerun sandunan ƙarfe da suka huda jinka, wannan salon ƙauyukan kudancin Jamus ne da Ostiriya.

Akwai wani tsari da nake ƙauna saboda sauƙinsa: waya ɗaya tal, babu ta biyu, a kan turakun da ke nesa da juna ƙwarai, ta ratsa fili har iyakar gani. Wutar tana tafiya ta wayar, tana dawowa ta cikin ƙasa. Injiniya Lloyd Mandeno ne ya bunƙasa shi a New Zealand wajen 1925, kuma ana gudanar da shi galibi a kan 12.7kV ko 19.1kV. Ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, shi ya sa sai inda gidaje suka warwatsu ake ganinsa: dajin Ostareliya, New Zealand, lardin Saskatchewan na Kanada, karkarar Brazil, da sassan kudancin Afirka. Kada ka rikita shi da layin Amurka mai waya biyu. Ka ƙara girman hoton ka nemi nutural ɗin, domin sau da yawa tana ɓuya a cikin hasken sama.

Rashin waya ma shaida ce. Ƙauye mai gidaje da fitilun titi amma ba falwaya ko ɗaya, a shimfiɗaɗɗen fili, yana nuna Holan ko Denmak, inda aka binne kusan duk ƙananan layuka.

Mataki na uku: jikin turken

Wannan matakin ba shi da wani lissafi, sanin ido ne, don haka zan wuce da sauri. Turken kankare mai manyan ramuka da kake hango sama ta cikinsu na Hangari ne, ko Romaniya, ko Polan. Turken katako da aka ɗaure da waya a jikin guntun kankare don kada ƙasa ta ruɓar da gindinsa, na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne da maƙwabtanta. Kankare mai kusurwa huɗu da ƙananan huji a jere, ga motoci suna bin hagu, Tailan ke nan. Kankare mai kusurwa takwas ya yawaita a Meziko. Dogayen ƙarafa biyu da aka cika tsakaninsu da kankare kuwa, wanda James Stobie ya ƙirƙiro a 1924, yana kai ka jiha ɗaya kai tsaye, Ostareliya ta Kudu, inda katakon turke ya yi ƙaranci.

Japan, Taiwan da Koriya ta Kudu duk suna da tulu da turken kankare zagayayye mai zanen baƙi da rawaya. A Taiwan zanen a karkace yake kuma yana sauka har ƙasa. A Koriya a karkace yake amma ba ya kai ƙasa. A Japan galibi a tsaye yake, kuma ita kaɗai ce cikin ukun ake tuƙi a hagu.

Mataki na huɗu: ina mita take, kuma wa aka yi wa ita?

Tambayar da ke buɗe wannan matakin ita ce: me kamfanin yake tsoro? Wani yana tsoron ma'aikacinsa ya zo karatu ya tarar da ƙofa a kulle. Wani ruwa da sanyi yake tsoro. Wani kuma satar wuta. Inda aka ajiye mita amsar wannan tsoron ce.

A Amurka, Kanada da Meziko mita zagayayya ce, da murfin gilashi ko roba mai kama da kwano, an cusa ta a akwatin ƙarfe mai launin toka a bangon waje, bututu ya tashi daga akwatin zuwa bakin rufi inda wayar ke shiga. A Amurka da Kanada tana gefen gida, sai ka leƙa. A Meziko tana fuskantar titi sosai, a bangon gaba ko a wani ɗan ginshiƙin siminti a bakin fili, domin gidajen a katange suke. Wannan zagayayyar fuska a bakin hanya tana daga cikin abubuwan da suka fi saurin raba Meziko da ƙasashen kudu da ita masu amfani da akwati mai kusurwa.

A Birtaniya da Ireland farin akwatin roba ne da aka nutsar a bango kusa da ƙofa, mitar tana ciki ba a ganinta, sai ɗan ramin makulli. A Faransa akwatin launin madara ne, gajere, a cikin katangar gaba ko tsaye a bakin iyakar fili. A Brazil gida yakan sami nasa ɗan turke a bakin katanga, waya ta sauko kansa daga falwayar titi, akwatin mita mai ɗan gilashi yana manne da shi ko da katangar. A Tailan kuwa mitocin a jikin falwayar titin suke, daidai tsayin mutum, biyu ko huɗu a kan allo ɗaya, daga nan waya ta wuce gida.

Inda satar wuta ta yi yawa, mita takan hau sama. A wasu unguwannin Manila za ka ga mitoci da dama a jere a can saman turke, inda hannu ba ya kaiwa, da damin wayoyi suna gangarowa zuwa gidaje. Wannan yana faɗa maka irin unguwar, ba ƙasar kaɗai ba. Kuma in a titi kake wannan kallon ba a hoto ba, ido kawai ya isa: ba a buɗe akwatin mita, ba a kusantar taransifoma.

A Jamus da yawancin tsakiyar Turai mitar tana cikin gida, ba abin da za ka gani a bango. In gidaje sun jeru ba akwati ko ɗaya a waje, ka rubuta wannan ma.

Hoto ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ga wani da na taɓa kuskurewa. Hanya ce ta jar ƙasa a bakin wani ƙaramin gari, da ayaba a bayan katanga, gidaje masu rufin jan tayil, mota ɗaya tana tafiya a dama. A turken farko na ga ƙaramar tulu mai ƙaho ɗaya, waya ɗaya a samanta. Nan take na ce Meziko ko Kolombiya, na danna, na faɗi da nisan dubban kilomita. Da na koma na bi hanyar a hankali, sai na ga abin da gaggawa ta hana ni gani.

Tulun nan a bakin gari take, gona ɗaya take ciyarwa. Da na matsa zuwa cikin gari, sai waya ta zama uku a kan sandar gicciye, kuma a turke goma sha biyu da na ƙirga, taransifoma ɗaya ce kawai. Ita ma ba tulu ba ce: mai faɗi ce, da bututun sanyaya mai a gefe, da ƙahoni uku, rataye a turke guda. Wannan kaɗai ya isa ya sa in janye daga Kolombiya, ya kuma raunana Meziko. Tuƙin dama ya riga ya fitar da Tailan da Indonesiya, duk da ayabar.

Sai na sauko da ido. A ƙarƙashin taransifomar, wayoyi huɗu tsirara a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, kowacce a kan ɗan tangaran mai kama da ƙwaryar zare. Turken kansa kankare ne mai kusurwa huɗu, fuskarsa a lotse, da gicciye-gicciye a cikin lotsawar kamar matakan tsani, amma ramukan ba su huda zuwa ɗaya gefen ba. Da sun huda, da na yi tunanin gabashin Turai, ko da yake ayaba ba za ta bari ba. Faransa da Senegal ma suna da turke mai kama da tsani, sai dai a can ƙaramin layin galibi murɗaɗɗen kebul ne, kuma akwatin mitar bai zo da nasa turke ba.

A nan kuwa kowane gida yana da ɗan siririn turkensa a bakin katanga, bututu mai lanƙwasasshen kai a samansa, akwati mai kusurwa huɗu da ɗan gilashi a ƙirjinsa. Ba zagayayyar mita ko ɗaya a titin. Shaidu huɗu ke nan suka haɗu: akwati mai fes uku a turke ɗaya, wayoyi huɗu a tsaye, turke mai matakan tsani, da turken mita na kowane gida. Brazil ce. Ita ƙasa ce da ke tsakanin gidajen biyu, domin wutarta tana bugawa sau 60 a daƙiƙa kamar ta Amurka, babban layinta a wurare da yawa 13.8kV ne, amma rabon wutar cikin gari da fes uku take yi kamar Turai, a karkara kuma ta koma tulu da waya ɗaya.

Daga nan kayan wuta sun kusa kai iyakarsu. Wasu jihohin Brazil suna ba da 127V a soket, wasu 220V, amma ido ba ya ganin wannan daga titi, kamar yadda ba ya ganin cewa gabashin Japan yana kan bugu 50, yammacinta yana kan 60. Abin da ya rage shi ne in matsa kusa da turken in nemi lamba ko tambarin kamfani, a jikin kankaren ko a murfin akwatin mita, domin kamfanonin rarraba wuta na ƙasar yanki-yanki suke, kuma sunan da ke murfin yakan rage maka ƙasar zuwa jiha ɗaya ko 'yan kaɗan. A wannan hoton murfin ya yi tsatsa, rubutun bai karantu ba, sai na koma ga launin ƙasa da irin bishiyoyin don in zaɓi tsakanin kudu da tsakiyar ƙasar.